Agogona baya cika a fawa bank, kuma wai babbar caja tana ƙona iyabod?

"Salam Oga. Ina da agogon nan mai ƙirga taku da kuma iyabod. Duk sanda na jona agogon a fawa bank ɗina mai 20000mAh sai ya ɗan ja caji ya ɗauke, da safe in tarar bai cika ba. Wanda ya sayar min kuma yace kar in kuskura in sa su a cajar wayata ta 33W wai ƙonewa za su yi. Igiyar agogon ma ta fara ɓaci, naga wata mai maganaɗisu a kasuwa kamarta sak, in saya?"

Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Kafin komai ka kwantar da hankalinka, alamun da ka faɗa sun fi nuna cewa agogonka lafiyarsa ƙalau, fawa bank ɗinka ma haka, kawai ba su fahimci juna ba ne. Na daɗe ina gyaran waya da irin waɗannan ƙananan kayan a Kano, kuma wallahi yana min ciwo yadda mutane ke jefar da agogo mai rai ko su biya kuɗin canjin batir alhalin batirin bai yi komai ba, shi yasa zan ɗan tsawaita.

Abu na farko da nake so ka riƙe shine girman batirin, domin duk maganar daga nan ta taso. Wayar da ke hannunka wataƙila batirinta 5000mAh ne. Agogon ƙirga taku irin naka yawanci tsakanin 100 zuwa 250mAh yake, manyan agogon simat kuma su kai 300 ko 450, shi kuwa iyabod ƙwaya ɗaya da kake sawa a kunne abinda ke cikinsa bai wuce 30 zuwa 60mAh ba, wani ma bai kai ba, idan ka fasa shi za ka ga batirin kamar maɓallin riga. Kes ɗinsa da ake ajiye shi a ciki shine mai ɗan dama dama, 300 zuwa 500. Kaga kenan batirin waya ya ninka na iyabod kusan sau ɗari ko fiye.

Shi batirin litiyom ba ruwansa da ko wutar da ka ba shi mai yawa ce ko kaɗan ce a idonka, abinda ya dame shi shine yawanta idan aka gwada da girmansa. Mu a wajen aiki muna raba wutar da ke shiga da girman batirin, abinda ya fito shi ake cewa C. Batir mai 5000mAh idan ka ba shi 2500mA, wato amfiya biyu da rabi, rabin C kenan, yana shan abinsa hankali kwance. Batir mai 40mAh kuwa rabin C ɗinsa 20mA ne kacal, C ɗaya kuma 40mA. Yawancin waɗannan ƙananan batira a tsakanin rabin C zuwa C ɗaya ake cajinsu, wasu kamfanoni sukan ɗan haura da batir da aka yi shi musamman don saurin caji, amma dai lissafin a wannan unguwar yake. Kamar ɗan garuwa ne, yadda zai kifa jarka a duro ba haka zai zuba ruwa a kofin shayi ba. Idan aka ɗura wa ƙaramin batir wutar da ta fi ƙarfinsa zafi yake yi, sannan litiyom ɗin maimakon ya shige inda ya kamata sai ya riƙa taruwa a saman farantin ciki kamar ƙarfe, ƙarfin batirin ya ragu har abada, iska ta taru a ciki ya kumbura, wani lokacin ma ya haɗe ta ciki.

Cajar gaskiya tana cikin agogon

Nan ne mai shagon naka ya faɗi rabin gaskiya. Abinda muke jonawa a bango muna ce masa caja aikinsa kawai ya sauke wutar Nepa ya mayar da ita bolt 5 ya ajiye a baki, ba shi ke yanke hukuncin nawa za ta shiga batir ba. Mai yanke hukuncin wata 'yar ƙaramar ai-si ce a kan fanel ɗin agogon ko cikin iyabod ɗin, wadda kamfani ya riga ya saita ta cewa kada ki ja sama da kaza. Don haka 33W ɗin da aka rubuta a jikin cajarka yana nufin iyakar abinda za ta iya bayarwa idan an nema, ba wai dole ta tura shi ba. Agogon da ke jan 100mA a ƙaramar caja, 100mA ɗin zai ja a babba, na sha gwada wannan a gaban kwastoma da 'yar mitar USB, lambar bata canzawa.

To bolt 9 da bolt 11 da ake gani a rubuce a jikin caja mai saurin caji fa? Caja ta asali kullum da bolt 5 take farawa, sai waya ta yi mata magana ta wasu siraran wayoyi da ke cikin kebul ta ce ƙaro, sannan ta ƙaro. Igiyar agogo mai maganaɗisu yawanci waya biyu ce kawai a ciki, fositif da negatif, bata da bakin da za ta nemi ƙari, saboda haka cajar tana zama a bolt 5 har a gama. Idan cajar wayarka ta asali ce wadda ta zo a kwali, kuma ka duba jikinta ka ga an rubuta 5V a cikin abinda take fitarwa, ba za ta ƙona agogonka ba.

Amma kuma ba daga sama mai shagon ya ɗauko maganarsa ba, ya ga kayan da aka dawo masa da su a ƙone. Abinda ke kashe su bolt ne da ya haura, ba amfiya ba. Ai-si ɗin da ke cikin yawancin waɗannan kayan irin mai sauƙin nan ce wadda take rage bolt ta hanyar ƙona rarar ta zama zafi. Ɗauki agogo mai jan 100mA, batirinsa yana kan bolt 3.7, idan ka ba shi bolt 5 rarar 1.3 ce, ka ninka da 0.1 zai baka wat 0.13, ɗan ɗumi kawai. Idan caja ta haukace ta turo bolt 9 rarar ta koma 5.3, wat 0.53 kenan, zafin ya ninka sau huɗu a kan abu da bai kai ƙwayar gero uku ba, a cikin jikin da aka liƙe ko iska bata shiga. Banda haka da yawa daga cikin waɗannan ai-si ɗin ba a yi su don su jure abinda ya wuce bolt 6 ko 7 ba. Waya tana da fili, an sa mata kariya hawa hawa, su kuwa agogo da iyabod masu araha wani lokacin babu komai tsakanin fin ɗin caji da ai-si ɗin. Shi yasa jabun caja da waya za ta yi shekara tana haƙuri da ita, iyabod rana ɗaya ta ishe shi. Jabun caja mara nauyi da bata iya riƙe bolt ɗinta, cajar mota ta banza, wajen masu cajin waya inda aka jera soket hamsin a kan ƙaramin janareto yana hawa yana sauka, lokacin da Nepa suka dawo da wuta da ƙarfi, waɗannan sune wuraren da nake ganin asara tana fitowa. Ni a gidana tsohon kan caja na asali mai 5V 1A na ware wa agogo da iyabod, ba don babbar tana da laifi ba, sai don na san wannan ko ta rikice bata da hanyar da aka gina mata ta zuwa bolt 9.

Dalilin da fawa bank ke ɗaukewa

Wannan shine ainihin matsalarka, kuma akasin abinda mutane ke tsoro ne, wato wutar ba yawa ta yi ba, ƙanƙantar abinda agogon ke ja ne ya sa fawa bank ɗin ya ɗauka babu kowa a jone.

A cikin fawa bank batir ne mai bolt 3.7, da wani sashe da ke ɗaga shi zuwa bolt 5. Wannan sashen ko ba a jona komai ba yana cin wuta muddin yana kunne, don haka aka koya masa ya riƙa leƙa nawa ake ja, idan abin ya faɗi ƙasa da wani ma'auni ya ɗan jira kaɗan ya kashe kansa. Ma'aunin ya bambanta, yawanci wajen 50 zuwa 100mA ne. Akwai wata ai-si da ta cika ƙananan fawa bank ana ce mata IP5306, ita idan abinda ake ja ya gaza kusan 45mA, bayan daƙiƙa talatin da 'yan kai take rufewa. Ga waya wannan dabara ce mai kyau, domin waya bata sauka ƙasa da haka sai ta cika. Ga agogo kuwa tarko ne.

Domin shi cajin batirin litiyom kashi biyu ne. Da farko ai-si tana ba shi wuta daidai gwargwado bata canzawa har bolt ɗinsa ya kai 4.2, wasu 4.35 ko 4.4, a lokacin ya kai wajen kashi 70 ko 80 cikin ɗari. Daga nan sai ta tsayar da bolt ɗin ta bar wutar tana raguwa da kanta a hankali, kamar yadda mai zuba fetur a kwalba yake sassauta hannu idan ya kusa wuya, sai ta ga wutar ta sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na yadda aka fara sannan ta ce ya cika. To agogon da ya fara da 110mA zai gama ne a wajen 10 ko 15mA, kaga kenan tun kafin ya gama ya riga ya ratsa ƙasa da ma'aunin fawa bank.

Akwai wani saurayi ɗan makaranta da ya kawo min agogonsa irin naka yace in canza batir, wai tun da ya koma hostel baya wuce kashi 80 da ɗoriya, kuma babu wuta a ɗakinsu sai fawa bank. Ban buɗe shi ba, domin buɗe agogo mai liƙi na nufin ka raba shi da kariyar ruwa. Agogon na kan kashi 20 na sa mitar USB tsakanin igiyarsa da kan caja na bango, ta nuna `5.07V 0.11A`, na ajiye a gefe na ci gaba da aikina. Bayan kamar awa ɗaya na duba ta koma `0.08A`, can kuma `0.05A`, a lokacin agogon yana nuna kashi 86. Sai na zare na mayar da shi kan fawa bank ɗinsa muna kallo tare, fitilu huɗu suka kama, ba a yi minti ɗaya ba suka mutu, alamar caji ta ɓace a fuskar agogon. Na sake dannawa, suka kama, suka sake mutuwa. Na mayar bango, cikin minti arba'in ya cika ɗari mitar ta koma sifili. Yaron nan kuɗin batir ya zo da shi a aljihu, ya koma da abinsa.

Kai ma za ka iya wannan gwajin ba tare da mita ba. Ka jona agogon a fawa bank ka zauna ka kalli fitilunsa na minti biyu ko uku, idan suka mutu da kansu kuma da ka danna maɓalli caji ya dawo ya sake ɗaukewa, to wannan ne. Sannan ka gwada a bango ko a jikin laftof, idan ya cika ɗari shikenan an wanke agogon.

Maganin yana da sauƙi. Fawa bank da yawa suna da wani yanayi na musamman na ƙaramar wuta wanda mutane ba su san da shi ba saboda takardar ciki ake fara jefarwa. A na Xiaomi danna maɓallin ake yi sau biyu a jere, fitilun su riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a kunne na awa biyu komai ƙanƙantar abinda ake ja. A da yawa daga na Anker sau biyu ake dannawa ko a riƙe na daƙiƙa biyu sai fitila ɗaya ta koma kore. A kwali za ka ga an rubuta `low current mode` ko `trickle charging`. Ka lura wannan yanayin ba rage wa agogon wuta yake ba kamar yadda wasu ke zato, bolt 5 ɗin nan ne dai, hana fawa bank ɗin barci kawai yake. Idan naka bashi da shi, ka jona wayarka a ɗaya ramin a lokaci guda, jan da wayar ke yi zai riƙe shi a farke agogon ya sha a gefe, sai dai ka sa wayar da bata cika ba, domin da zarar ta cika duk su biyun zai ɗauke musu. Shi kes ɗin iyabod idan babu caji sosai a cikinsa yana jan 200 zuwa 400mA, shi yasa ba kasafai yake baka matsala ba sai can ƙarshe, ko idan kes ɗin a cike yake 'yan kunnen kawai ke buƙata.

Me yasa kowanne da mazauninsa

Mutane na yawan min ƙorafi wai me zai hana a sa musu ramin USB-C kowa ya huta. Ramin nan faɗinsa ya kusa milimita 9, kaurinsa wajen 3, ga zurfi, idan ka dasa shi a jikin iyabod ina batir zai zauna. A agogo kuma ga ruwa, abu ne da ke manne da fata wuni guda, gumi, alwala sau biyar, wanke wanke, wasu ma an rubuta musu 5ATM ana iyo da su. Rami mai fin 24 da gumi mai gishiri zai riƙa kwanciya a ciki ba zai daɗe ba. Don haka aka rufe jikin ruf aka bar ɗigo biyu na ƙarfe a baya, igiyar kuma aka sa mata fin masu sifirin a ciki da ke dannuwa, da maganaɗisu da zai ja su su zauna daidai kuma ya ƙi yarda idan ka juya ta baibai.

Kes ɗin iyabod kuwa ya wuce ma'ajiya, ƙaramin fawa bank ne da aka yi shi daidai da su, yana ɗaga bolt 3.7 na batirinsa zuwa kusan 5 ya miƙa ta fin ɗin, kuma shi ya san yadda zai zauna da mai jan 30mA ba tare da ya ɗauke ba. Sannan magana suke yi. A yawancin masu araha, da iyabod ya ji wuta a fin ɗinsa ya san yana gida sai ya kashe bulutut ya kwanta, da ya ji ta ɗauke sai ya farka ya nemi waya. Shi yasa idan cajin kes ya ƙare ƙarƙaf, ko fin ɗaya ya yi datti, za ka ga iyabod yana cikin aljihu a rufe amma ya kama wayarka, a kira ka baka jin komai, da safe kunne ɗaya ya mutu. Mafi yawan masu zuwa min da "kunnen hagu baya caji" datti ne, ba batir ba. Manyan kamfanoni kuma kes ɗin har bayanai yake musanya da 'yan kunnen ta waɗannan fin ɗin, don haka kes ɗin wani ba zai yi maka ba ko da ya shiga.

Masu caji ba tare da fin ba kamar agogon Apple da na Samsung nasu kwayil ne ƙarami, wato naɗaɗɗiyar waya, a bayan agogon, dole ya zauna daidai kan kwayil mai girmansa, kuma kowanne da yaren da yake yi da cajarsa, shi yasa idan ka ɗora agogon Apple a faifan cajin waya na Qi ba zai yi ba. Jabun irin wannan cajar alamarta zafi, agogon ya yi ɗumi sosai caji ya riƙa tsayawa.

Igiyar da ka gani a kasuwa

A nan nake so ka yi taka tsantsan fiye da maganar 33W, domin waɗannan igiyoyin babu wata ƙa'ida da ta haɗa su. Biyu za su yi kama kamar tagwaye amma tazarar fin ɗin ta bambanta, akwai mai kusan milimita 2.84, akwai mai 4, akwai mai 7.62, wannan da sauƙi tunda ba za ta zauna ba. Mai haɗarin ita ce wadda tazarar ta yi daidai, maganaɗisun ya kama tsaf, amma fositif ɗinta yana inda negatif ɗin taka yake. Agogo mai kariya shiru zai yi kawai, mara kariya kuwa daƙiƙa kaɗan sun isa ai-si ɗin cajin ta tafi, kuma a irin masu arahar nan gyaran ya fi sabo tsada.

Tunda taka bata gama mutuwa ba kana da sa'a, ka tafi da ita da agogon gaba ɗaya. Ka fara neman wadda aka rubuta sunan samfurin agogonka a jikinta. Idan babu, ka roƙi kowane mai gyara ya ɗora maka mita, aikin minti ɗaya ne. Ya sa mitar a DC 20V, a jona tsohuwar igiyar a caja, a riƙe kanta fin suna kallonka wutsiyar tana ƙasa, jan tsinke a fin na dama baƙi a na hagu, a ga ko ta nuna 5 ko ta nuna 5 da alamar ragi a gaba. Sai a riƙe sabuwar yadda za ta zauna a bayan agogon daidai da tsohuwar a maimaita, idan alamar ta zo iri ɗaya ka saya, idan ta saɓa ka ajiye musu kayansu komai arha. Kada a gwada a jikin agogon a ce bari mu gani ko zai kawo. Kuma a kula kada tsinken mitar ya haɗe fin biyun.

Wannan haɗewar ma ita ke kashe igiyoyin a gida. An bar ta a jone a soket kanta yana lilo, maganaɗisu ya jawo makulli ko allura ko ƙarfen gado, fin biyu suka haɗe, igiyar ta yi zafi robar ta narke. Idan ka gama caji ka zare ta daga wuta. Ka duba kan taka da kyau ma, sau da yawa abinda ake cewa igiya ta ɓaci baƙin garin ƙarfe ne da maganaɗisu ya tsinto daga ƙasa, musamman lokacin hunturu da ƙura, ya taru ya hana fin dannuwa. Ka zare ta daga wuta, ka goge da tsohon buroshin haƙori da ɗan sifirit, ka danna kowane fin da farce ka ga yana dawowa. Ɗigon bayan agogon ma haka, auduga da sifirit, banda allura ko reza, domin ruwan zinaren da ke kai siriri ne, da ka kankare shi tsatsa ta samu ƙofa. Kuma kada ka cire agogo daga hannu da gumi ko ruwan alwala ka ɗora a caji kai tsaye, wuta da ruwan gishiri idan suka haɗu cin ƙarfen suke, shine koren nan da ramukan da ake gani. Goge shi da gefen riga ya bushe tukuna.

Wani abu da zai iya ruɗa ka a kes ɗin iyabod mai ramin USB-C, wasu masu araha ba a sa musu 'yan rezista biyu masu 5.1k da ke gaya wa caja cewa an jona abu ba, don haka idan ka sa kebul mai C a kai biyu ko fitila ba za ta kama ba. Ba lalacewa ya yi ba, ka nemi kebul mai babban kai na USB-A a ɗaya gefen.

Inda gaskiya ake ƙona su da wuta mai yawa

Akwai wuri ɗaya da tsoron mai shagonka yake tabbata ɗari bisa ɗari, shine idan aka tsallake ai-si ɗin aka ba batir wuta kai tsaye, kuma abin takaici a teburin masu gyara ake yi. Iyabod ya daɗe a ajiye ya ƙi tashi, sai a fasa shi a ce za a yi masa bustin, a ɗauko 'yar fanel ɗin nan ta cajin batir da ake ce wa TP4056 a jona. Ita wannan fanel yadda ake sayar da ita an saita ta a amfiya ɗaya da rezista mai 1.2k, lissafinta kuma haka yake:

```
I (mA) = 1200 / R (kΩ)
```

Amfiya ɗaya a batir mai 40mAh C 25 kenan. An taɓa kawo min wani da aka yi wa haka, jikin iyabod ɗin ya tsage a ɗinkinsa, batirin ya tashi kamar an hura, ga wani wari mai zaƙi zaƙi kamar na abin goge farce, mai shi kuma tana tambaya ko za a iya liƙe mata ta ci gaba da sawa a kunne. Na ce mata Hajiya don Allah a'a. Mai gyaran da zai yi daidai sai ya canza rezistar zuwa wajen 30k ya samu 40mA, batirin da ya faɗi ƙasa da bolt 3 kuma da 'yar wuta ƙasa da haka ake lallaɓo shi, abinda ai-si ɗinsa ta asali take yi da kanta kenan idan ka bar shi a kes ɗinsa na rabin awa ko awa ɗaya ko da bai nuna alamar komai ba. Wanda ya yi watanni a sifili kuwa ko ya tashi ba zai koma yadda yake ba.

Duk dabarun nan suna da iyaka. Batirin da ake caja kullum yana tsufa, na iyabod ya fi saurin tsufa saboda kullum ana shanye shi ana cikawa, bayan shekara biyu ko uku idan ka ga mai yin awa biyar ya koma awa ɗaya da rabi babu cajar da za ta dawo da shi. Zafinmu ma yana ƙara masa, domin ba a son cajin litiyom idan ya haura digiri 45, mu kuwa a watan Afrilu inuwa kanta tana wuce 40, don haka caji a kan dashbod ɗin mota ko jikin taga ko ƙarƙashin filo ka bar shi, ka yi da daddare ko da asuba a kan tebur. Idan kuma ka gwada agogon naka a bango da igiya mai kyau da fin a goge amma ya tashi daga kashi 30 zuwa ɗari cikin minti goma ya kuma faɗo da wuri, ko ka ga gilashin ya fara ɗagowa daga jiki, to a nan batirin ne da gaske, ka daina cajinsa ka kai a duba.